Idan Kuskuren Mutane Da Yawa Ya Faɗa Kan Mutum Ɗaya

A yawancin wuraren aikinmu, idan abu ya lalace, takardar tuhuma suna ɗaya take ɗauka. Aikin ya bi ta hannun mutum biyar ko shida, amma wanda hannunsa ya taɓa shi a ƙarshe, ko wanda ya fi kowa ƙanƙanta a muƙami, shi ake kira ofis. Daga nan hanya biyu mutane suka saba bi. Wani ya haɗiye, ya ce Allah ya isa a zuciyarsa, ya sa hannu a kan abin da bai faru haka ba. Wani kuma ya fusata, ya shiga tone-tone, ya ambaci sunan kowa har da abin da ya wuce shekara uku. Ra'ayina shi ne duka biyun asara ce, kuma akwai hanya ta uku da ba a koya mana ita a makaranta ba: mutum ya gyara abin da aka rubuta a kansa, ya ɗauki kasonsa na laifin daidai gwargwado, ba tare da ya kafa wa kowa ƙahon zuƙa ba.

Ban san labarin da ya fi nuna nauyin wannan magana ba kamar na Dakta Hadiza Bawa-Garba, likitar yara 'yar asalin Najeriya da ke aiki a Ingila. Ranar 18 ga Fabrairu, 2011, aka kawo wani yaro ɗan shekara 6 babban asibitin birnin Leicester, yana fama da amai da gudawa da wahalar numfashi. Yaron yana da lalurar Down, kuma yana shan maganin zuciya mai suna enalafril, wanda ke saukar da hawan jini. Da misalin ƙarfe 9:20 na daren ranar ya rasu. Abin da ya kashe shi ciwon huhu ne da ƙwayoyin cutarsa suka bazu a jini, suka durƙusar da gaɓoɓin jikinsa. Kafin a ce komai, a tuna cewa wasu iyaye sun rasa ɗansu a ranar, kuma baƙin cikinsu gaskiya ne da babu wata hujja da za ta rage shi.

Ga yadda wunin ya gudana. Dakta Hadiza likita ce mai neman ƙwarewa, ba ta kai matsayin babban likita ba, kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa na fiye da shekara guda ba. A ranar akwai giɓi a jerin likitocin da ya kamata su kasance a bakin aiki, saboda haka ta haɗa aikinta da na wani, tana zirga-zirga tsakanin sassa da dama. Babban likitan da ya kamata ya sa ido a kanta ba ya cikin asibitin da safe, yana koyarwa a wani gari. Ta ga yaron da hantsi, ta ɗauka ciwon ciki ne da ƙarancin ruwa a jiki, ta sa masa ƙarin ruwa da iskar numfashi, ta ɗebi jini, ta nemi a ɗauki hoton ƙirji. Gwajin gaggawa na farko ya nuna jinin yaron ya yi tsami ƙwarai: ma'aunin pH ya sauka zuwa kusan 7.08, alhali na mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Da ya sami ruwa sai ya ɗan farfaɗo, gwaji na biyu ya nuna sauƙi, ita kuma hankalinta ya kwanta fiye da yadda ya kamata.

Sai na'urar kwamfuta da ke fitar da sakamakon gwaje-gwaje ta lalace na tsawon awowi. Cikakken sakamakon jinin da aka ɗiba tun da safe bai iso gare ta ba sai bayan ƙarfe 4 na yamma. Hoton ƙirjin ya fito tun wajen 12:30 na rana, amma ba ta gan shi ba sai ƙarfe 3, inda ta gane ciwon huhu ne ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ba shi wajen ƙarfe 4. Da ƙarfe 4:30, wajen miƙa aiki, ta faɗa wa babban likitan alƙaluman gwajin, ya rubuta su a littafinsa, amma bai je ya duba yaron ba, ita kuma ba ta ce masa ƙarara ya zo ya duba ba. Ta yanke shawarar kada a ba yaron enalafril, wanda daidai ne ga mai irin wannan hali, sai dai ba ta rubuta a fili cewa a dakatar da shi ba, ba a kuma sanar da mahaifiyar ba. Wajen ƙarfe 7 na yamma yaron ya sha maganinsa kamar yadda ya saba. Ba a jima ba zuciyarsa ta tsaya. Ana cikin ƙoƙarin farfaɗo da shi Dakta Hadiza ta dakatar da aikin na ɗan lokaci, domin ta ɗauka wani yaro ne daban da aka ce kada a farfaɗo da shi, sai aka gane kuskuren aka ci gaba. An tabbatar daga baya cewa ba wannan dakatawar ce ta jawo rasuwar ba.

Duk wanda ya karanta wannan jeri da adalci zai ga abu biyu a lokaci guda. Likitar ta yi kurakurai na gaske, ita da kanta ta amsa su, ta kuma nemi afuwa a bainar jama'a. Kuma kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan ya wuce ne ta wata ƙofa da ya kamata a ce a rufe take: giɓin ma'aikata, rashin mai sa ido, lalacewar na'ura, rashin wanda zai ce mata hoton ya fito. Binciken da asibitin ya yi da kansa ya fitar da shawarwari 23 da matakai 79 na gyara. Wurin da ke buƙatar gyara 79 ba mutum ɗaya ne ya lalace a cikinsa ba. Duk da haka, a Nuwamban 2015 kotu a Nottingham ta sami Dakta Hadiza da wata ma'aikaciyar jinya da aka ɗauko ta wucin gadi da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, aka yanke musu ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Nauyin wunin gaba ɗaya ya sauka a kan mutum biyu da ke ƙasan tsani.

A Yunin 2017 kwamitin ladabtar da likitoci ya duba yanayin da ta yi aiki a ciki, ya dakatar da ita na wata 12 kawai. Hukumar da ke rajistar likitoci ta Birtaniya, GMC, ta ɗaukaka ƙara, kuma a Janairun 2018 babbar kotu ta ba da umarnin a soke sunanta daga rajista. Nan ne likitoci suka tashi, suka tara mata gudummawar fiye da fam dubu 300 don biyan lauyoyi. Ranar 13 ga Agusta, 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wancan hukunci, ta ce kwamitin farko yana da hurumin yin la'akari da gazawar tsarin asibitin wajen auna hukunci. Hukuncin kotun laifi bai goge ba, amma ta sami damar komawa aikinta.

Abin da ya juya tunanin mutane a wannan shari'a ba zagin kowa ba ne. Jerin lokuta ne. Da aka ce wa jama'a likita ta bar yaro awowi babu magani, kowa ya ji haushi, kuma da gaskiyarsa. Da aka shimfiɗa wunin awa bayan awa, aka nuna inda take a kowane lokaci, da abin da ta sani da abin da bai iso gare ta ba, sai hoton ya canza ba tare da an kira wani azzalumi ba. Wannan shi ne makami na farko ga duk wanda aka ɗora wa laifin jama'a, ko nas ce a asibitin ƙaramar hukuma, ko magatakarda a ma'aikata, ko yaron shago: ya zauna tun abin yana da zafi a ƙwaƙwalwarsa, a ranar ko washegari, ya rubuta me ya faru da ƙarfe nawa, wa ya miƙa wa wa, me aka rubuta a ina. A gefen kowane layi ya sa shaidarsa, wato littafin miƙa aiki, ko saƙon waya mai ɗauke da lokaci, ko rasit. Abin da ya gani da idonsa ya ware shi daga abin da aka gaya masa. Inda ya manta, ya rubuta cewa ya manta, kada ya cike gurbin da zato, domin layi ɗaya da aka kama ba daidai ba ya isa ya rushe sauran tara na gaskiya.

Akwai kuma abin da bai kamata ya yi ba ko da wasa: taɓa tsohon rubutu. Idan mutum ya tsorata, zuciyarsa takan raya masa ya koma fayil ya ƙara layin da ya manta, ko ya gyara lokaci. Wanda ya yi haka ya mayar da kuskure ya zama maguɗi, kuma kuskure ana yafe shi, maguɗi kuwa kora yake jawowa. Idan akwai abin ƙarawa, a rubuta shi a sabon layi da kwanan watan ranar da ake rubutun da sa hannu, a faɗi cewa ƙari ne da aka yi daga baya.

Bari mu ɗauki misali irin na gida. A ce wata nas ce ke aikin dare ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya mai gado talatin. Likita ya zagaya da yamma, ya rubuta wa wani majinyaci sabuwar allura da za a fara ƙarfe 10 na dare. Ya rubuta a cikin fayil, amma ba a kwafe ta a takardar magunguna da ke bakin gado ba. Nas ɗin yamma ta miƙa aiki ba ta ambata ba. Ita ta dare ba ta buɗe fayil ɗin ba sai ƙarfe 1:30, ta ga umarnin, ta tarar babu allurar a ɗakin, aka tashi ɗan'uwan majinyacin ya nemo, aka yi ta ƙarfe 2:15. Da safe jikin mutumin ya tsananta, kafin azahar takardar tuhuma ta iso, da sunanta ita kaɗai, an ce ta yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa ta ƙi ba majinyaci maganinsa.

Amsar da zuciya ke so ita ce: Sista wance ce ta ɓoye min, kullum haka take, likitan kuma ba ya damuwa da kowa. Kowace gaɓa a wannan jimla hukunci ce a kan niyyar wani da halinsa, abin da ba ta da shaidarsa. Shugabar da ke karantawa za ta daina tunanin majinyaci ta koma tunanin rigimar ma'aikata, waɗanda aka ambata kuma za su haɗe kai su kare kansu. Ga amsar da nake ganin ta fi:

"Ranki ya daɗe, na karɓi aiki ƙarfe 8 na dare. Kasona a wannan jinkiri shi ne ban duba fayil ɗin majinyacin gado na 12 ba sai ƙarfe 1:30, na dogara da takardar magunguna da bayanin miƙa aiki kawai. Na ɗauki alhakin wannan. Ina roƙon a ƙara waɗannan bayanai a rahoton: an rubuta umarnin allurar a fayil ƙarfe 5:40 na yamma, ba ya cikin takardar magunguna a lokacin da na karɓi aiki, ba ya kuma cikin littafin miƙa aiki na ranar. Da na gani babu allurar a ɗakin, an samo ta an yi ƙarfe 2:15. Ban ƙi ba da magani ba, ban san da shi ba ne kafin 1:30. Ina ba da shawarar a riƙa gwada fayil da takardar magunguna tare a duk lokacin miƙa aiki."

A lura da abin da ta sa a gaba. Ta fara da nata, kuma ta auna shi daidai: ba ta ce duk laifinta ne don a ji tausayinta ba, ba ta kuma ce ba ta da ko ɗigo ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Wanda ya fara nuna tudun da yake tsaye a kai, idan ya ce akwai wasu a gaba an fi yarda da shi. Sannan ta yi magana a kan takardu da lokuta, ba a kan mutane ba. Ba ta ɓoye kowa ba, domin duk wanda ya buɗe jadawalin aiki zai ga wa ke bakin aiki da yamma, amma ba ita ta yanke masa hukunci ba. Ta gyara kalma ɗaya da ke iya bin ta har ƙarshen aikinta, wato cewa ta ƙi, domin ƙin yin aiki rashin ɗa'a ne, rashin sani kuwa wani abu ne daban. Ta kuma rufe da abin da zai kare majinyacin gobe, wanda shi ne ainihin abin da ya kamata shugaba ya damu da shi.

Kafin ta miƙa takardar, ina ganin ya dace ta nemi abokiyar aikinta ta yamma su biyu kawai, ta ce mata: "Yaya, an ba ni takardar tuhuma a kan gado na 12, ga abin da zan rubuta, ki duba ko akwai inda na yi kuskure a lokutan." Wannan ba neman izini ba ne, kuma ba zama ne na daidaita baki ba. Amfaninsa biyu. Mai yiwuwa waccan ta san wani abu da zai gyara jerin, misali a ce likitan ya tafi da fayil ɗin bai dawo da shi ba sai bayan miƙa aiki. Kuma ba za ta ji labarin a bakin wasu ta ɗauka an soke ta ta baya ba. Bayan haka ta miƙa amsar a rubuce ga wanda ya ba ta tuhumar, ta sa a buga mata hatimin karɓa a kwafinta, ta adana a gida. Kada ta kai maganar zauren WhatsApp na ma'aikata, kada ta tsallake shugabarta zuwa ga na sama tun ba a saurare ta ba.

Na san abin da ke hana da yawanmu yin haka. An tarbiyyantar da mu a kan kawaici da kunyar na gaba, kuma halaye ne masu kyau da ba na fatan mu rabu da su. Amma kawaici a kan haƙƙinka ne, kamar wanda ya taka ka ka yi kamar ba ka ji ba. Rahoton da ya ce mutum ɗaya ne ya jawo matsala alhali tsari ne ya ɓalle, ba haƙƙinka ba ne kai kaɗai. Idan aka hukunta nas ɗin dare aka rufe fayil, takardar magunguna za ta ci gaba da saɓa wa fayil, kuma wani majinyacin zai biya kuɗin shirun da aka yi. Wasu kuma tsoron giba ke riƙe su. Malamai, ciki har da Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun jera wuraren da ambaton wani ya halatta, kuma na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kukansa ga mai ikon yi masa adalci. A ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da manzon sarki ya zo fitar da shi daga kurkuku bai fita ba sai da ya nemi a binciki lamarin da ya kai shi can, kuma a cikin buƙatar tasa ya yi nuni ne ga matan da suka yanke hannayensu, bai ambaci matar da ta ƙulla masa sharrin ba. Ya nemi a wanke sunansa, bai nemi a tozarta kowa ba.

Sai dai kada in yaudari mai karatu cewa takarda mai ladabi tana warware komai. Dakta Hadiza ta shafe fiye da shekara bakwai tsakanin ranar da abin ya faru da ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata da damar aiki, kuma ba ta kai can ita kaɗai ba, sai da abokan sana'a suka tsaya mata da bakinsu da aljihunsu. Shari'arta ta kuma bar wa likitocin Birtaniya wani tsoro: da yawa suka fara ɗari-ɗari da rubuta kurakuransu a takardun koyo, don gudun kada abin da suka rubuta domin gyara ya koma hujja a kansu, har gwamnati ta kafa kwamiti a 2018 ya duba yadda ake tuhumar ma'aikatan lafiya da irin wannan laifi. Darasin da ke ciki ga ƙaramin ma'aikaci shi ne ya san lokacin da magana ta tashi daga gyaran aiki ta koma shari'a. Idan an yi asarar rai ko dukiya mai yawa, idan 'yan sanda sun shigo, idan an kafa kwamitin ladabtarwa, kada ya rubuta komai cikin ruɗewa da kuka a daren farko, kada kuma ya sa hannu a bayanin da wani ya rubuta masa sai ya karanta kowane layi. Ya nemi wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa ko lauya. Mai nadama yakan rubuta cewa shi ya kashe, alhali abin da ya faru shi ne ya yi jinkirin duba hoto a ranar da yake aikin mutum biyu. Tausayi ne ya sa shi faɗin na farkon, amma na biyun ne gaskiya, kuma gaskiya ake buƙata a fayil.

Akwai kuma alamar da mutum zai gane cewa ba gyara ake nema ba, wanda za a yanka ake nema: idan aka ƙi karɓar amsarsa a rubuce, ko aka ce ya janye bayanan lokutan ya bar neman afuwa kawai, ko aka yanke hukunci kafin wa'adin amsar ya cika. A nan ne ya halatta ya ɗaga maganar zuwa mataki na gaba, da takardun nan dai, da harshen nan dai, ba tare da ya ƙara mata gishiri ba.

Maganata ta ƙarshe ga shugabanni ce, masu riƙe da alƙalamin tuhuma. Ranku ya daɗe, kafin ku rubuta suna ɗaya a saman takarda, ku nemi jadawalin ranar, ku ƙirga hannu nawa aikin ya bi, ku tambayi mutum nawa ya kamata su kasance a wurin da mutum nawa suka kasance. Idan ƙaramin ma'aikaci ya kawo muku jerin lokuta cikin ladabi, ku karɓa ku sa a fayil, ku kira sauran waɗanda aikin ya bi ta hannunsu ku ji nasu bayanin kafin ku yanke hukunci.